Baitocin Ranar Inno

Hamisu mutumin Damagaram ne, amma aiki ya zaunar da shi a Yamai tun kafin Faransa ta sauke tutarta. A gidan waya yake, ɗakin da ake buga talgiram. Duk wanda ya taɓa ganin yatsansa bisa ƙarfen buga saƙon nan sai ya tsaya ya kalla, don saƙon da zai ɗauki wani rabin sa'a shi kafin shayi ya huce ya aika. Amma in aka zo ga baki, nan take sai abu ya tsaya. Hamisu yana da i'ina tun yana yaro, kuma ba ƙarama ba. Kalma takan zo masa har bakin leɓe ta ƙi fita, ya yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyansa ta tashi. Shi ya sa ya mai da kansa mutum mai gyaɗa kai. A biro, wato ofis, gyaɗa kai, a masallaci gyaɗa kai, a gida ma haka.

Gidan haya suke a Zongo, shi da matarsa Jummai da ƴarsu ta uku, wadda aka haifa a shekarar da ƙasa ta samu ƴancin kai. Manyan biyu suna can Damagaram wajen kakarsu. Sunan yarinyar Hawa, sunan mahaifiyar Hamisu ke nan, don haka babu mai kiran sunan a gidan. Inno ake ce mata.

A bazarar da ta wuce ƙyanda ta shigo unguwa, ta ɗauki yara daga gidaje da dama. Inno ma ta kwanta, har Jummai ta daina cin abinci. Allah ya yi da sauran kwana, yarinya ta tashi, ta koma ɓarnarta kamar ba ita ba. Da damina ta ja baya, wata rana Jummai tana gyaran akwati ta ci karo da takardar haihuwar Inno ta matanite, wato asibitin haihuwa. Jummai ta shiga ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata a unguwa, kuma duk rubutun da ta gani ba ta barinsa. Ta bi ranar da yatsa, ta ƙirga, sai ta ɗaga kai.

"Malam, ka san wata mai kamawa Inno za ta cika huɗu?"

Hamisu ya gyaɗa kai. Shi takardarsa cewa ta yi an haife shi "wajen" shekara kaza, ita Jummai ma haka. Inno ce ta farko a zuri'arsu da aka san ranarta.

"Ina so a yi mata ɗan abu," in ji Jummai. "Ba irin na Nasara da kiɗa ba. In soya masa, a kira yaran unguwa su ci sadaka, a yi mata addu'a. Kuma ka ce mata wani abu. Kai da bakinka."

Ya dube ta.

"Jiya tambayata ta yi wai ko Baba fushi yake da ita, tunda ba ya mata hira."

Maganar nan ta bi Hamisu har wurin aiki. Ya sami wani kati a kantin wani Balabanon, mai hoton fure da gaisuwar Faransanci, ya juya ta Hausa da fensir. Ya karanta wa kansa a zuci, ya ji ta yi kama da sanarwar gwamna. Ya gwada da murya a bayan biro, kalmar farko "barka" ce, kuma a kan "b" ɗin nan ya tsaya har wani direba ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Jummai ce ta ce su je wajen Malama Zeinabu, wadda ke koya musu karatu da la'asar. Mutuniyar garin Tawa ce, tana koyar da ƴan aji ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, da safe, kuma an santa a Zongo da tsara wa yara ƴan baitoci. Da farko na ajinta take yi wa, daga baya iyaye suka fara zuwa gida.

Suka iske ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Doguwar mace ce, da tabarau ɗaure da zare ta gefe guda. Bayan gaisuwa Jummai ta faɗi abin da ya kawo su. Hamisu ya miƙa takardarsa. Malama ta karanta har ƙarshe, ba ta yi dariya ba.

"Baban Inno, Hausarka ba ta da laifi," ta ce. "Amma wannan za a iya karanta wa kowane yaro daga nan har Agadas. Ni ina son abin da in Inno ta ji za ta ce, kai, ni ce wannan. Ku ba ni labarinta. Me take ɓatawa?"

Jummai ta kwashe da dariya. "Me take bari dai! Nonon da na ajiye don fura, sai in iske rabin kwano. In na tambaya ta ce mussa ce, wai kyanwa ce ta sha. Ga farin nono a leɓenta, amma mussa ce."

"Madalla. Sai me?"

Jummai ta ɗan rage murya. "Wani lokaci takan jiƙa tabarma da dare."

"A'a, wannan ba ya shiga," in ji Malama da sauri. "Akwai dariyar da yaro ke yi tare da mutane, akwai wadda ake yi a kansa. Ta biyun ba ya manta ta. Duk abin da ba da gangan take yi ba, a bar shi. Haka ciwon da ta yi, kar a ambata. Ranar farin ciki ce, ba a son uwa ta fara hawaye a baiti na biyu." Ta juya ga Hamisu. "Kai fa, me take maka?"

Hamisu ya so Jummai ta amsa, amma Malama ta ci gaba da tsinke zogalenta, ba ta dube shi ba, ba ta kuma ƙarasa masa kalma ba kamar yadda mutane suka saba. Ya ɗauki lokaci kafin ya fitar da cewa Inno na zura ƙafa cikin takalmansa na aiki, ta ɗora kwando a ka, ta ce ta tafi Kano fatauci. Sau da yawa sai ya bi ta har ƙofar gida kafin ya samu ya tafi biro.

Malama ta ajiye faifan. "Kano," ta ce. "Nono. Kwano. Inno. Kai, yarinyar nan ta kawo amsa-amonta da kanta." Ta shiga ɗaki ta fito da allon yara da alli. Ta yi musu bayani cewa kowane layi zai ƙare da "no", don kunnen yaro na jiran sautin da ya saba, in ya zo sai ya ji daɗi kamar an ba shi alewa. Ta jera kalmomi a gefen allo: gano, tuno, auno, tono, tsuguno. Ta share tono, ta ce ba ta ga abin alheri da za a tono a ranar haihuwa ba.

Sannan ta yi abin da Hamisu bai zata ba. Ta ce, "Baban Inno, ka yi mini haƙuri, zan tambaye ka kai tsaye. Waɗanne haruffa ne ke tare ka?"

Ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. Mutane ko dai su kau da kai ko su yi kamar ba su ji ba. Ya ji kunya ta taso masa, amma yadda ta yi tambayar kamar tela ke tambayar faɗin kafaɗa. Ya karɓi allin ya rubuta: b, d, k, t, g. Ya ƙara da cewa a farkon magana ne suka fi tsanani. In yana tsakiyar numfashi sukan wuce.

"In kana karatun sallah fa?"

Ya girgiza kai. Ba ya tsayawa.

"Na yi zaton haka. Ina da yaro a aji mai irin naka, in muna rera ƙidaya shi ke gaba. Ba na ce zan warkar da kai ba, wannan ba aikina ba ne. Amma zan ɗinka maka abin da zai shige ka."

Ta tsara abin haka: uba ya yi tambaya, uwa ta amsa. Ta ce hakan ya fi, don kowa na samun hutun numfashi, kuma yaro na son ya ga iyayensa suna wasa da juna. Layukan Hamisu duk za su fara da sauti mai laushi, wanda ake shiga da iska: ya, wa, me, ina. Kowane layi gaɓa takwas, bugu huɗu, numfashi ɗaya. Ta rubuta na farko, ta tafa hannu tana faɗa:

"Yau ranar wa? Ranar Inno!"

Ta rubuta amsar Jummai: "Ta cika shekara huɗu, Inno." Ta tafa, ta yamutsa fuska. "Ya yi tsawo, yana tuntuɓe. Kuma na sake kiran sunan, ragwanci ne." Ta share. Ta riƙa motsa leɓe, sai ta dubi mudun da ke cikin kwandon gero. Ta rubuta: "Shekara huɗu ta auno."

"Kamar ta je kasuwa ta auno su," in ji Jummai tana dariya.

"Haka nake so. Kalmar da take ji kullum a bakinki."

Suka yi ta yi har inuwa ta cika tsakar gida. Wani layin ya zo da sauƙi, wani ya ƙi. A wajen takalma Malama ta fara rubuta "Takalmana fa, ya Inno?" sai ta tuna, ta share, ta mai da shi "Ina takalmana, Inno?" don "t" ɗin ya faɗo bayan murya ta riga ta buɗe. Jummai ta so a sa cewa Inno ta fi duk yaran Zongo kyau. Malama ta ce yaran Zongo za su zauna a wurin suna cin masa, da iyayensu mata a bayansu, kar a aika kowa gida da ɓacin rai. Ta ce kuma kar ya wuce layi goma sha biyu, don hankalin ƴar shekara huɗu ba ya zama fiye da haka in ga abinci a gabanta. Wasa a gaba, addu'a a ƙarshe, yadda manya za su sami wurin cewa amin.

Da aka gama ta kwafe a takarda biyu. Ta Jummai da manyan haruffa irin na ajinsu, layi ɗaya nesa da ɗaya. Ta Hamisu kuwa ta tambaye shi yadda idonsa ya saba, don shi a lakwal ɗin Faransa ya yi karatu, inda ake rubuta "shanye" da "ch". Ya ce ta rubuta irin na Jummai, zai saba. Ta ja layi da jan fensir ƙarƙashin nasa, ta sa ɗigo bisa kowace gaɓa da bugu ke faɗawa.

"Ka buga da yatsa a gwiwa, kamar yadda kake yi a wurin aiki. Kar ka fara magana sai yatsa ya fara. In ka tsaya, kar ka koma baya, kar ka ba da haƙuri. Ka ci gaba da bugu, kalmar za ta same ka a hanya." Ta dubi Jummai. "Ke kuma kar ki taimake shi. Ki jira."

Daga ranar, in Hamisu ya tashi aiki sai ya bi ta unguwar Gaweye ya zauna a bakin kogi, nesa da masu wanki, yana kallon jirgin fito na kai motoci ƙetare. Can yake gwadawa. Ranar farko ya ji kamar mahaukaci, babban mutum da hula yana tambayar ruwa wa ya shanye nono. Amma ya lura da abin da Malama ta yi. Duk inda ya san harshensa zai turje, sai ya iske ta riga ta zagaye wurin. Ya yi ta mamakin yadda mace ta zauna da shi yini ɗaya ta san bakinsa fiye da waɗanda suka yi shekaru suna aiki da shi. Layi ɗaya ne kawai ya dame shi, na addu'a, inda "ka raya" ke zuwa bayan sunan Allah. Ya koma wajenta ko za a canza.

Ta yi tunani. "Zan iya cire shi," ta ce. "Amma addu'ar uba ce, kuma haka kowa ke faɗinta. Ina ganin gara ka ɗan sha wuya a kanta da a ce an lanƙwasa ta. In ka haɗa 'Allah' da 'ka' ba tare da ka yanke numfashi ba, zai wuce. Gwada."

Ya gwada. Na farko ya ƙi, na biyu ya wuce.

Ranar ta faɗo Lahadi. Tun da hantsi ƙamshin masa ya cika gidan. Yaran unguwa suka zauna bisa tabarmi, masu jin Hausa da masu jin Zabarmanci, duk an wanke ƙafa. Maƙwabcinsu Idrisa, mai sayar da yadi, ya zo da wani tsohon malami da zai yi addu'a. Tsohon ya ce shi bai san wannan al'ada ba, amma ciyar da yara da gode wa Allah bai ga aibinsu ba. Malama Zeinabu ta zauna can cikin mata, kusa da murhu, ta ƙi kujerar da aka kawo mata gaba. Inno na tsakiya da sabuwar riga da kitso, tana kumbura kamar amarya.

Jummai ta tsaya da takardarta, ita ma ba ta taɓa karatu a gaban jama'a ba. Hamisu ya zauna bisa kujera kusa da ita. Da yara suka ga shi zai yi magana sai wurin ya yi tsit, har wani ya fara murmushin da Hamisu ya sani tun yana ƙarami. Ya ɗora yatsa a gwiwa. Ya buga huɗu babu magana, sannan ya shiga.

"Yau ranar wa? Ranar Inno!"

"Shekara huɗu ta auno," in ji Jummai.

"Wa ya shanye mana nono?"

"Mussa ce ta buɗe kwano!"

"Me ke nan a leɓen Inno?"

"Shi ma mussa ce ta manno!"

Yara suka fashe da dariya. Inno ta kai hannu ta goge bakinta da sauri, abin da ya ƙara tayar da dariyar, ita ma ta shiga ciki har tana faɗuwa jikin ƙawarta. Hamisu ya jira, yatsansa bai tsaya ba.

"Ina takalmana, Inno?"

Kafin Jummai ta buɗe baki Inno ta miƙe tsaye ta ce, "Suna ƙarƙashin gado, Baba! Ban taɓa su ba yau!"

Wannan karon har tsohon malamin sai da ya rufe baki da hannun riga. Jummai ta rasa inda take a takarda, ta bi da yatsa, ta samo, ta ce cikin dariya:

"Sun tafi fatauci Kano!"

Dariyar ta ɓata wa Hamisu bugu. Ya zo kan addu'a ya ce "Ya Allah," sai ya yanke numfashi, kuma "ka" ɗin ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya ji zufa ta karyo masa. Ya ga Idrisa ya buɗe baki zai ƙarasa masa, ya ga Jummai ta ɗan girgiza wa Idrisa kai. Inno ta matso ta dafa gwiwarsa, tana kallon yatsan da ke bugawa, sai ta sa nata ƙaramin yatsan tana kwaikwayo. Hamisu ya ja iska, ya bar bugu ya zagayo.

"Ka raya Inno," ya ce.

"Hanyar alheri ta gano," in ji Jummai, muryarta ta ɗan canza.

"In ta yi girma ta tuno."

Suka haɗa baki a na ƙarshe: "Da mu masu ƙaunar Inno."

Aka ce amin daga kowane gefe. Tsohon malamin ya ɗaga hannu ya ɗora tasa addu'ar, aka shafa, aka saki yara a kan masa.

Inno ba ta je wajen masar ba. Ta ce a sake. Aka sake mata. Ta ce a sake kuma, amma yanzu ita ce za ta yi amsar. Ta riga ta kama rabinsu, inda ta manta ta sa nata, wanda ba ya hawa bugu ko kaɗan. Hamisu ya ɗaga kai ya nemi Malama ya ga ko abin ya dame ta, sai ya hango ta ta karɓi cokali tana juya wa Jummai masa, tana hira da wata mata game da tsadar mai. Da ya je yi mata godiya, kafin ya gama haɗa kalmar ta ce masa aikin nasu ne, su suka san yarinyar, ita jerawa kawai ta yi. Ta ce kuma layin leɓen nan bai gama gamsar da ita ba, da ta sami lokaci da ta gyara shi.

Washegari da safe Hamisu na ɗaura agogo Inno ta tare ƙofa.

"Baba, yau ranar wa?"

Babu takarda a kan wannan. Ya tsuguna, ya fara yi mata bayanin cewa ranar mutum sau ɗaya take zuwa, sai damina ta sake zuwa ta wuce, sai an yi azumi an yi sallah biyu. Ya tsaya a wurare da yawa. Inno ta jira shi, tana wasa da maɓallin rigarsa, ta yi masa tambaya a kan tambaya: ko mussa ma tana da ranarta, ko Kaka ta Damagaram tana da tata, ko in an yi barci da yawa shekara takan yi sauri. Jummai na jin su daga madafa ba ta sa baki ba. Ran nan da gudu-gudu Hamisu ya isa gidan waya, ya iske abokin aikinsa ya riga ya zauna a kujerarsa yana karɓar saƙon Maraɗi.